Ruwan Wata Uku-Uku da Ruwan Haƙiƙa na Shekara: Wace Hanyar Juya Lissafi Ta Fi Dacewa da Kai?

A ce takardu biyu ne a gabanka. Ta farko ta ce ruwan ajiya kashi 12 cikin 100 ne a shekara, ana lissafa shi a ɗora kan uwar kuɗi duk bayan wata uku. Ta biyu ta ce kashi 12.4 ne, kuma shi ne ainihin abin da kuɗin zai ƙaru da shi idan shekara ta cika. Ido zai ce ta biyu ta fi, tunda 12.4 ya ɗara 12. Amma lambobin nan biyu ba da ma'auni ɗaya aka auna su ba, don haka ba a jera su kai tsaye. Na farko ruwan suna ne, wato adadin da ake ambata a shekara ba tare da an sa ruwan da ruwa ke haifarwa a ciki ba. Na biyu ruwan haƙiƙa ne, an riga an sa komai. Dole sai an juya ɗaya zuwa ma'aunin ɗayan.

Hanyoyin yin wannan juyi huɗu ne da mutane suka fi bi: ƙiyasi da ka, cikakken lissafi da kalkuleta ta yau da kullum, manhajar jadawalin lissafi irin su Excel, da kalkuletar harkar kuɗi. Duk za su iya kai ka. Inda suka bambanta shi ne yadda kowace take kuskure, da kuma ko za ka gane an yi kuskuren kafin ka sa hannu a takarda.

Lissafin kansa, kafin a zo kan kayan aiki

Kashi 12 na suna da ake ɗorawa sau huɗu a shekara yana nufin kashi 3 a kowane wata uku. Ɗauki uwar kuɗi 100,000. Bayan wata uku na farko ta zama 103,000. A zango na biyu, kashi 3 ɗin ba a kan 100,000 za a lissafa shi ba, a kan 103,000 ne, sai ya ba da 3,090, kuɗi ya koma 106,090. Zango na uku ya kai shi 109,272.70, na huɗu kuma 112,550.88. Ƙaruwar shekara ke nan 12,550.88, wato kashi 12.55. Wannan 550.88 da ya hau kan 12,000 shi ne ruwan da ruwa ya haifa, kuma shi ne dukan abin da ya raba ruwan suna da na haƙiƙa.

A taƙaice, idan r ruwan suna ne, E kuma ruwan haƙiƙa, duka a rubuce da ɗigo, wato 0.12 maimakon 12:

```
E = (1 + r/4)^4 - 1
r = 4 * ((1 + E)^0.25 - 1)
```

Layi na farko tafiya ne, daga suna zuwa haƙiƙa, na biyu dawowa, daga haƙiƙa zuwa suna. Da na farko kaɗai an warware takardun can: 12.55 ya fi 12.4, bambancin 150.88 a kan kowace 100,000. Mai ajiya ya ɗauki ta farko. Da bashi ne takardun ke magana a kai, da ta biyu ce mai sauƙi.

To me ya sa ake buƙatar dawowa? Saboda ba a biyan ruwan haƙiƙa a zango-zango. Idan an yi yarjejeniya a kan kashi 12.4 na haƙiƙa amma za a riƙa rubuta ruwan a littafi duk wata uku, sai ka san nawa ne na kowane zango. A nan ne aka fi zamewa, domin hannu yana saurin raba 12.4 gida huɗu ya sami 3.1. Ka ɗora 3.1 sau huɗu ka gani: shekara za ta ƙare a kan kashi 12.99, ba 12.4 ba. Ruwan suna ake rabawa huɗu. Ruwan haƙiƙa tushensa na huɗu ake nema.

Abin da za a auna kowace hanya da shi

Na farko daidaito: kusa da amsar gaskiya nawa take kawo ka, a tafiya da kuma a dawowa, domin ba lallai hanya ta yi kyau a duka biyun ba. Na biyu tsada. Na uku sauƙin koyo da na aiki. Na huɗu ɗorewa, kuma abin da nake nufi shi ne ko lissafin zai bar sawun da kai ko wani zai iya bi bayan wata shida. Na biyar, wanda na fi ba nauyi, shi ne irin haɗarinta. Kuskuren da ya fito da lamba marar kan gado ba ya cutarwa sosai, don kowa zai tsaya ya duba. Wanda ya fito da lamba mai kama da gaskiya shi ne ke shiga yarjejeniya.

Hanya ta farko: ƙiyasi da ka

Idan aka warware ƙa'idar farko, ana samun cewa ruwan haƙiƙa ya yi kusa da ruwan suna haɗe da kashi uku cikin takwas na ninkinsa da kansa:

```
E ≈ r + 0.375 * r^2
```

A misalinmu, 0.12 sau 0.12 ya ba da 0.0144, kashi uku cikin takwas na wannan kuma 0.0054 ne. Amsa 12.54, gaskiya kuma 12.55. Ba ta cin ko kwabo, ba ta buƙatar komai a hannu, kuma ta isa ta gaya maka takarda ta farko ta fi ta biyu tun kana zaune a gaban mai yi maka bayani.

Iyakarta biyu ce. Ƙiyasin kullum yana faɗuwa ƙasa da gaskiya, domin guntayen da aka yar duk ƙari ne, kuma giɓin yana buɗewa idan ruwa ya yi yawa. A kashi 8 yana ba da 8.24, daidai da gaskiya har lamba biyu bayan ɗigo. A kashi 24 yana ba da 26.16 alhali gaskiya 26.25 ce. A kashi 40 yana ba da 46, gaskiya kuma 46.41. Iyaka ta biyu ita ce dawowa: idan ka cire kashi uku cikin takwas na ninkin 0.124 da kansa daga 12.4 za ka sami 11.82, amsar gaskiya kuwa 11.86 ce. Kuskuren dawowa ya ninka na tafiya kusan sau huɗu.

Akwai kuma lokacin da ƙiyasi ke juya hukunci gaba ɗaya. Da takarda ta biyu 12.55 ta ce, ƙiyasi zai nuna ta fi 12.54, alhali cikakken lissafi ya ba ta farko 12.5509. Idan tazarar tayin biyu ba ta kai 0.1 ba, ajiye ƙiyasi. Sawu kuwa ba ta bari ko kaɗan.

Hanya ta biyu: cikakken lissafi da kalkuleta ta yau da kullum

Wannan ce nake so kowa ya iya, ko da wata hanyar daban ce zai riƙa amfani da ita kullum, kuma dalilin yana cikin lambar huɗu kanta. Ruwan wata-wata yana buƙatar tushe na goma sha biyu, wanda ƙaramar kalkuleta ba ta iyawa. Amma huɗu biyu ce sau biyu, don haka tushe na huɗu ba komai ba ne illa danna maɓallin √ sau biyu. Duk kalkuletar da ke da wannan maɓalli, har ta cikin waya, za ta yi maka tafiya da dawowa ba tare da ragi ba.

Tafiya: raba 0.12 da 4, ka sami 0.03, ka ƙara 1. Ninka 1.03 da kansa, 1.0609. Ninka wannan da kansa kuma, 1.12550881. Cire 1.

Dawowa daga 12.4: rubuta 1.124, danna √, allo ya nuna 1.0601887 ko kusa da haka, gwargwadon yawan lambobin da yake ɗauka. Sake danna √, ya nuna 1.0296546. Cire 1, ka sami 0.0296546. Wannan shi ne ruwan kowane wata uku, kashi 2.965. Ninka da 4, ruwan suna ya fito kashi 11.86. Yanzu takardun biyu suna kan ma'aunin suna, 12 da 11.86, kuma hukuncin bai canza ba: ta farko ce ta fi ruwa. Haka ya kamata ya kasance. Idan ka juya ta nan ka sami wani hukunci, ka juya ta can ka sami akasinsa, akwai kuskure a ɗayan lissafin.

Haɗarin wannan hanya a wuri biyu yake. Na farko baka. A kalkuletar kimiyya, wanda ya rubuta `1+0.12/4^4` ba tare da baka ba zai sami 1.00047, domin na'urar ta fara ninka 4 da kanta sau huɗu kafin ta raba. Wanda ya rubuta `1.124^1/4` zai sami 0.281. Duka biyun lambobi ne da ba su yi kama da komai ba, saboda haka kuskure ne mai tona kansa. Shi ya sa na rubuta 0.25 a ƙa'idar can sama, ba ya buƙatar baka.

Na biyu shi ne mai shiru: yanke lamba a tsakiyar hanya. Wanda ya ga 2.965 ya ce bari ya mai da shi 2.97 don sauƙi ya canza yarjejeniyar, domin 2.97 sau huɗu yana ƙarewa a 12.42. A kan 100,000 abin bai kai 20 ba, amma a kan miliyan 10 ya kusa 2,000 a shekara, kuma babu wanda zai lura daga kallon lambar. Kada ka yanke komai sai a amsar ƙarshe, ruwan zango kuma ka rubuta shi da lambobi shida bayan ɗigo a ƙalla.

Tsada kusan babu. Sawu kuwa sai ka rubuta matakan a takarda da hannunka. Gajiyarta tana bayyana ne idan tayi ya kai goma ko ashirin, domin kowane ɗaya sai an sake bin matakan daga farko.

Hanya ta uku: manhajar jadawalin lissafi

Excel da Google Sheets da LibreOffice Calc duk suna da umarni biyu da aka tanada don wannan aiki:

```
=EFFECT(0.12,4)
=NOMINAL(0.124,4)
```

Na farko zai ba da 0.125509, na biyu 0.118619. Lambar 4 ita ce sau nawa ake ɗora ruwa a shekara. A wasu kwamfutocin, gwargwadon saitin ƙasa, ana raba lambobin da `;` maimakon waƙafi.

Ƙarfinta yana wajen yawa da wajen sawu. Ka jera tayi talatin, ruwan suna a layi ɗaya, yawan ɗorawa a layi na gaba, umarnin a na uku, ka ja shi ƙasa, an gama. Bayan shekara guda duk wanda ya buɗe fayil ɗin zai ga daga ina kowace lamba ta fito. Ba ta kuma yanke lamba a ciki, ko da allon lamba biyu kawai yake nunawa. Tsadarta ta danganta: Excel ɗin da ake girkawa a kwamfuta na kuɗi ne, sauran biyun kyauta ne, amma ana buƙatar kwamfuta ko waya mai ɗan ƙarfi.

Kurakuranta iri biyu ne su ma. Wanda ya rubuta 12 maimakon 0.12 ko 12% zai ga 255, domin manhajar ta ɗauka kashi 300 ake ɗorawa kowane zango. Wannan ba ya ɓuya. Haka idan ruwan sifili ne ko ƙasa da sifili, Excel zai nuna `#NUM!`, sai ka koma ga rubuta ƙa'idar da kanka, `=(1+A2/4)^4-1`, wadda ba ta da wannan iyaka.

Mai shirun shi ne a rubuta 4 a cikin umarnin, a ja shi kan dukan jerin, alhali wasu tayin na wata-wata ne, wasu na wata shida-shida. Kashi 12 na wata-wata 12.68 ne, na wata uku-uku 12.55, na wata shida-shida 12.36. Duk ukun sun yi kama da amsa mai kyau. Don haka yawan ɗorawa ya sami nasa gidan a kowane layi, a karanto shi daga takardar tayin, kada a binne shi cikin umarni. Wani kuma shi ne musanya umarnin biyu, a sa `EFFECT` a kan lambar da dama ta haƙiƙa ce. Kashi 12.4 zai koma 12.99, kuskuren nan na raba huɗu ne ya dawo ta wata ƙofa.

Hanya ta huɗu: kalkuletar harkar kuɗi

A BA II Plus ta kamfanin Texas Instruments akwai sashe mai suna `ICONV`, da gurabe uku: `NOM`, `EFF` da `C/Y`. Ka sa 12 a `NOM`, ka sa 4 a `C/Y`, ka je `EFF` ka danna `CPT`. Dawowa kuma ka cika `EFF`, ka nemi `NOM`. HP 10bII tana yin irin wannan da maɓallan `NOM%`, `EFF%` da `P/YR`.

Tana da sauri, tana da ƙarko, kuma ita ce hanyar wanda zai shiga ɗakin jarrabawar da ba a yarda da waya ko kwamfuta ba. Amma ita ce mafi tsada idan don wannan aiki kaɗai za ka saya, kuma a ganina ita ce mafi yawan kuskure mai shiru. Gurbin `C/Y` yana riƙe lambar da aka sa masa a baya. Idan jiya ka yi lissafin wata-wata, yau ka sa 12 a `NOM` ba ka duba ba, za ta ba ka 12.68 ba tare da wata alama ba. Sannan a nan 12 ake rubutawa, ba 0.12 ba, akasin Excel. Wanda ya saba da manhaja ya sa 0.12 zai ga 0.12 ta dawo masa, ya zaci babu bambanci tsakanin suna da haƙiƙa. Allon ma lamba biyu bayan ɗigo yake nunawa sai ka canza saitin, abin da bai isa ba idan ruwan zango kake nema.

| Hanya | Daidaito | Tsada | Sauƙi | Sawun aiki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙiyasi da ka | Kusa, amma ƙasa da gaskiya | Babu | Nan take | Babu | Ruwa mai yawa, tayi masu kusanci, dawowa |
| Kalkuleta ta yau da kullum | Cikakke | Kusan babu | Matakai huɗu ko biyar | Sai ka rubuta | Yanke lamba a tsakiya |
| Manhajar jadawali | Cikakke | Kyauta ko ta kuɗi | Sauƙi ga tayi da yawa | Cikakke | Yawan ɗorawa ba daidai ba |
| Kalkuletar kuɗi | Cikakke | Mafi tsada | Sauri bayan an saba | Babu | Tsohuwar lamba a `C/Y` |

Gwajin da ya hau kan kowace hanya

Ruwan haƙiƙa dole ya fi na suna in dai ruwan ya wuce sifili kuma ana ɗora shi fiye da sau ɗaya a shekara. Idan ka yi tafiya lambar ta ragu, ko ka yi dawowa ta ƙaru, ka juya hanya. Akwai kuma rufi: ko da kowane daƙiƙa ake ɗora ruwa, kashi 12 na suna ba zai wuce 12.75 na haƙiƙa ba, don haka amsar da ta kai 13 ba daidai ba ce komai na'urar da ta bayar da ita. Gwaji mafi ƙarfi shi ne zuwa da komowa: ka ɗauki amsarka ka mayar da ita ta ɗaya ƙa'idar. Daga 11.8619 dole ka dawo 12.4.

Abin da babu hanyar da za ta gyara maka

Duk huɗun sun ɗauka cewa ruwan kowane zango yana zama cikin asusun ya ci gaba da haihuwa. Idan ana biyan ka 3,000 a hannu duk wata uku kana kashewa, abin da ka karɓa a shekara 12,000 ne cif. Sai ka sake zuba shi a kan irin wannan ruwa kafin 12.55 ya zama naka. Sun kuma ɗauka zangunan huɗu daidai suke, alhali wasu yarjejeniyoyin da kwanaki suke lissafi, zango ɗaya kwana 90, wani 91, wani 92, abin da ke ɗan motsa lambobin ƙarshe. Kuɗin hidima da haraji ba sa cikin ƙa'idar ko kaɗan, kuma kuɗin buɗe bashi na kashi 1 kaɗai ya fi dukan tazarar da ke tsakanin 12 da 12.55.

Sai sunayen da ke kan takardu. A Amurka, APR na bashi adadi ne irin na suna, APY na ajiya kuma irin na haƙiƙa. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, APR ɗin da kansa ana lissafa shi ne a matsayin na haƙiƙa. Haruffa ɗaya, ma'ana biyu. Kafin ka danna kowane maɓalli, nemi jimlar da ta faɗi sau nawa ake ɗora ruwan da kuma ko adadin da aka rubuta ya riga ya ƙunshi ɗorawar.

Wa ya dace da wacce

Idan tayi biyu ne a gabanka, ruwan bai wuce kashi 15 ba, kuma tazararsu a fili take, ƙiyasi ya isa ka san inda za ka karkata, amma kada ka rubuta lambarsa a wata takarda.

Idan shawara ɗaya ce mai nauyi, ajiya ko bashi da za ka sa wa hannu, yi cikakken lissafi da kalkuleta, ka rubuta kowane mataki, ka yi gwajin zuwa da komowa. Ga ruwan wata uku-uku ba ka buƙatar fiye da haka, kuma ba na ganin dalilin sayen wata na'ura dominsa.

Mai aikin akanta, ko duk wanda ke kwatanta tayi da yawa, ko wanda wani zai binciki lissafinsa daga baya, manhajar jadawali ce tasa, da gidan yawan ɗorawa daban a kowane layi, da layi ɗaya da ya tabbatar da hannu.

Ɗalibin da jarrabawarsa ta ƙayyade kalkuletar kuɗi ya saye ta da wuri, ya ƙara yawan lambobin da allon ke nunawa zuwa shida, ya kuma saba da duba `C/Y` kafin ya taɓa `NOM` a kowace tambaya.